Riba Ɗaya, Haraji Uku: Yadda Abokan Haɗaka Ke Rabo da Biyan Gwamnati

Duk wanda ya saba da kasuwar Dawanau ko Kantin Kwari a Kano ya san cewa ba kowane shago ne na mutum ɗaya ba. Sau da yawa wani ne ya kawo kuɗi, wani ya kawo ƙwarewa, wani kuma ya kawo masu saye. Ranar buɗe shago kowa murmushi yake yi. Ranar da ake jin kansu ita ce ƙarshen shekara, in an zauna rabon riba. Mai kuɗi ya ce ba don jarinsa ba da babu shagon, mai zaman shago ya ce shi ya sha rana, kuma kowannensu yana da gaskiya.

Masu ilimin lissafin kuɗi sun daɗe da samar wa wannan gardama mafita. Kafin a raba riba, sai a ware wa mai aiki albashi, a ware wa mai jari wani kaso a kan jarinsa, sannan a raba abin da ya rage. Tsarin yana da sauƙi a baki. Inda yake rikita mutane shi ne lokacin da jami'in haraji ya karɓi littafin, ya mayar da albashin da kason jarin cikin riba, ya ce duk riba ce.

Misali guda zai nuna yadda abin yake tafiya tun daga farko har ƙarshe. A ɗauka mutum uku sun haɗa jari sun kafa injin casar shinkafa a Kura, garin da ya yi suna wajen noman shinkafa a jihar Kano. Akwai Alhaji, mazaunin birnin Kano, wanda ya zuba naira miliyan 60 amma ba ya leƙa wurin sai jefi-jefi. Akwai Hajiya, mazauniyar Kaduna, ta zuba miliyan 30, kuma ita ke nemo diloli masu ɗaukar kaya. Sai Injiniya, wanda ya zuba miliyan 10 kacal, amma shi ke kwana ya tashi da injin, shi ke sayen shanshera, shi ke kula da leburori. Sunan kasuwancinsu kawai suka yi wa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ba su mayar da shi kamfani mai zaman kansa ba. A idon doka wannan haɗaka ce ta talakawa, irin wadda dokar kamfanoni ta 2020 ta taƙaita yawan mutanenta zuwa 20, in ban da lauyoyi da akantoci.

Abin da takarda ta ce

Su ukun sun rubuta yarjejeniya mai sharuɗɗa uku. Na farko, Injiniya zai riƙa ɗaukar albashin naira 400,000 a wata, wato miliyan 4.8 a shekara, Hajiya kuma naira 100,000 a wata, wato miliyan 1.2. Alhaji ba shi da albashi tunda ba ya aiki. Na biyu, kowa zai samu kashi 10 cikin ɗari na jarinsa a shekara: Alhaji miliyan 6, Hajiya miliyan 3, Injiniya miliyan 1. Na uku, abin da ya rage za a kasa shi goma, Alhaji ya ɗauki biyar, Hajiya uku, Injiniya biyu.

Kowane sharaɗi da ciwon da yake magani. Albashi yana biyan gumi, don kada Injiniya ya ga yana wahala wani na kwance yana cin moriya. Kason jari yana biyan haƙurin wanda ya ɗaure kuɗinsa a injin maimakon ya sayi fili ko ya juya su a wata harka. Rabon ragowa kuwa shi ne ladan kasada, domin su ukun ne za su ɗauki faɗuwa in ta zo.

Da ba su rubuta komai ba, kuma babu shaidar wata yarjejeniya ta baka, da labarin ya sauya. Dokar haɗaka ta Ingila ta 1890, wadda Najeriya ta gada kuma dokokin jihohi da dama suka bi sahunta, ta tanadi abin da za a yi in abokan haɗaka ba su shata wa kansu ƙa'ida ba. Za a raba riba daidai wa daida, babu albashi ga kowa, babu kaso a kan jari. Abin da kawai ta yarda da shi shi ne ruwan kashi 5 cikin ɗari a shekara ga wanda ya ranta wa haɗakar kuɗi bayan jarinsa. Ke nan Alhaji mai miliyan 60 da Injiniya mai miliyan 10 za su tashi da kaso ɗaya, kuma ba za a biya Injiniya ko kwabo na aikin da ya yi ba.

Ribar littafi da ribar haraji

Shekara ta ƙare, akanta ya rufe littafi, ya ce an ci ribar naira miliyan 19. Alhaji ya ji daɗi, domin a tunaninsa a kan wannan adadi za a yi maganar haraji.

Ba haka ba ne. Kafin akantan ya kai ga miliyan 19, ya cire albashin Injiniya da na Hajiya, miliyan 6, kamar yadda ya cire kuɗin dizal da na buhuna. Ya cire kason jari, miliyan 10. Ya kuma cire wata naira miliyan 1 da Alhaji ya sa aka biya wa ɗansa kuɗin makaranta daga asusun injin. Jami'in haraji zai mayar da waɗannan ukun duka. Miliyan 19 da 6 da 10 da 1 sun zama miliyan 36, kuma wannan ce ribar da injin ya ci a haƙiƙa.

Dalilin mayar da kuɗin makaranta a fili yake, don ba shi da alaƙa da casar shinkafa. Na albashi ne ke buƙatar bayani. Mutum ba ya ɗaukar kansa aiki. Leburan da ke loda buhuna ma'aikaci ne, ladansa ɗawainiyar kasuwanci ce, a cire shi kafin a san riba. Injiniya kuwa yana cikin masu injin. Abin da ake kira albashinsa wani yanki ne na riba da abokansa suka yarda ya fara ɗauka kafin kowa. Haka kason jarin Alhaji yake: ba bashi ya ba injin ba, nasa ne ya zuba a cikin nasa. Da banki suka ciwo bashi, ruwan da za su biya bankin ɗawainiya ce ta gaske da ake cirewa. Sashe na 8 na dokar harajin kuɗin shiga na mutum ta 1993 ya fayyace haka, inda ya ce abin da abokin haɗaka ya samu shi ne albashinsa da ruwan jarinsa da kasonsa na ragowa a haɗe, kuma sabuwar dokar haraji ta ci gaba da wannan tsari.

Akwai gyara guda da ya kamata a ambata a wuce. Akanta yakan rage wani abu duk shekara saboda tsufan inji. Hukumar haraji ba ta karɓar ƙiyasinsa, tana da nata rangwamen kayan aiki da doka ta ƙayyade. A wannan misali a ɗauka an riga an daidaita wannan ɓangaren.

Yanzu sai rabo. Daga miliyan 36 a ware albashi miliyan 6 da kason jari miliyan 10, saura miliyan 20. In an kasa ta goma, kowane kashi miliyan 2 ne. Alhaji ya samu miliyan 10, Hajiya miliyan 6, Injiniya miliyan 4.

Sai a tattara wa kowa nasa. Alhaji yana da kason jari miliyan 6 da ragowa miliyan 10, jimla miliyan 16. Hajiya tana da albashi miliyan 1.2, kason jari miliyan 3 da ragowa miliyan 6, jimla miliyan 10.2. Injiniya yana da albashi miliyan 4.8, kason jari miliyan 1 da ragowa miliyan 4, jimla miliyan 9.8. Hanyar gane an yi daidai ita ce a haɗa ukun: 16 da 10.2 da 9.8 dole su koma 36. In ba su koma ba, to an ƙirga wani abu sau biyu ko an manta da shi. Kuɗin makarantar ɗan Alhaji kuwa yana cikin miliyan 16 ɗinsa, sai dai ya riga ya ci shi tun kafin rabo, don haka za a rage masa miliyan 1 ranar biya.

Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai ga amfanin tsarin. Injiniya kashi ɗaya cikin goma na jari ya kawo, amma ya tashi da fiye da rubu'in riba. Alhaji ya kawo kashi shida cikin goma, ya tashi da ƙasa da rabi. Babu wanda aka zalunta, domin abin da suka sa wa hannu ke nan.

Kowa tasa ta fisshe shi

Haɗaka irin wannan ba ta biyan harajin riba da sunanta, saɓanin kamfani. Ana lissafa ribarta a dunƙule, amma kowane mutum shi zai biya nasa, kuma ga hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune. Alhaji da Injiniya za su biya Kano. Hajiya za ta biya Kaduna, ko da yake injin a Kura yake kuma a can aka ci ribar.

Ma'aunin da ake amfani da shi yanzu yana cikin dokar haraji ta Najeriya da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Hawa-hawa ne kamar matakala. Naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji a kanta. Miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari. Miliyan 9 ta gaba kashi 18, miliyan 13 ta gaba kashi 21, miliyan 25 ta gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne zaton cewa in mutum ya taka mataki na sama, duk kuɗinsa za a yi wa wannan kaso. Abin da ya faɗa cikin matakin kawai ake yi wa.

A fara da Hajiya, don nata ya fi sauƙi. A gidan mijinta take, ba ta biyan haya, kuma ba ta da wata hanyar samun kuɗi. Daga miliyan 10.2, naira 800,000 ta fita kyauta. Kashi 15 na miliyan 2.2 ya kama naira 330,000. An gama da miliyan 3 ke nan, saura miliyan 7.2, wadda kashi 18 ɗinta ya kama naira 1,296,000. Harajin Hajiya naira 1,626,000 ne.

Injiniya yana haya a kan naira miliyan 1.5 a shekara. Sabuwar doka ta soke rangwamen bai-ɗaya da kowa ke samu a da, wato kashi 20 cikin ɗari na samun mutum da ƙarin aƙalla naira 200,000. A madadinsa ta kawo rangwamen haya: kashi 20 cikin ɗari na hayar da mutum ya biya, amma kada ya wuce naira 500,000. Na Injiniya ya kama naira 300,000, don haka a kan miliyan 9.5 za a yi masa lissafi. Miliyan 3 ta farko ta ci naira 330,000 kamar ta Hajiya, ragowar miliyan 6.5 a kashi 18 ta ci naira 1,170,000. Harajinsa naira miliyan 1.5 cif. Rangwamen nan sai ya bayyana hayar da ya biya sannan zai samu, saboda haka rasit ɗin mai gida abin adanawa ne.

Na Alhaji ne ke da ɗan wuyar sha'ani. Bayan injin, yana da shaguna da yake ba da haya, waɗanda ke bar masa miliyan 4 a shekara bayan ɗawainiya. Hukuma ba ta yi wa mutum lissafi biyu, sai ta haɗa duk samunsa wuri guda, ya zama miliyan 20. Miliyan 12 ta farko ta cike matakai uku, harajinta naira 330,000 da naira 1,620,000, wato naira 1,950,000. Sauran miliyan 8 ta faɗa matakin kashi 21, ta ci naira 1,680,000. Jimla naira 3,630,000. Da injin kaɗai gare shi, da naira 2,790,000 zai biya.

A nan ake ganin dalilin da ya sa bai dace a biya harajin kowa daga asusun injin a rubuta shi cikin ɗawainiya ba. In aka yi haka, Hajiya da Injiniya sun taya Alhaji biyan harajin shagunan da ba su da ko taro a ciki. In dole sai daga asusun za a biya, to a rubuta wa kowa nasa a matsayin kuɗin da ya ɗiba.

Akwai kuma wani abin da ke ba mutane mamaki. A ce Alhaji ya yanke shawarar barin miliyan 10 ɗinsa a injin don a ƙara sayen shanshera da kaka. Wannan bai rage masa haraji ba. Ana yi wa abokin haɗaka lissafi a kan kason da ya zama nasa, ko ya ɗiba ko bai ɗiba ba. Wanda ya bar duk ribarsa a kasuwa ba tare da ya ware na gwamnati ba, zai wayi gari da takardar haraji a hannu alhali kuɗin yana cikin buhuna a sito.

Ranar da miya ta ƙare

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, haka ma ba a san ingancin yarjejeniya sai shekarar da kasuwa ta juya baya. A ce shekara ta biyu dizal ya yi tsada, farashin shinkafa ya faɗi, ribar gaba ɗaya ta tsaya a miliyan 11. Albashi da kason jari kaɗai miliyan 16 ne. An samu giɓin miliyan 5 ke nan, ko da yake injin bai faɗi ba.

Abin da akantoci suka saba yi shi ne a rubuta wa kowa albashinsa da kason jarinsa cikakku, sannan a raba giɓin bisa ma'aunin nan na biyar, uku, biyu. Alhaji zai ɗauki miliyan 2.5 na giɓin, ya rage da miliyan 3.5. Hajiya ta ɗauki miliyan 1.5, ta rage da miliyan 2.7. Injiniya ya ɗauki miliyan 1, ya rage da miliyan 4.8. Mai ƙaramin jari ya zama shi ne mai babban kaso. Harajin Hajiya ya sauko zuwa naira 285,000, na Injiniya bayan rangwamen haya ya koma naira 600,000.

Irin wannan shekarar ce ke raba zumunci. Alhaji zai ce ta yaya za a ce yaron da ya kawo kashi ɗaya cikin goma ya fi shi samu. Injiniya zai ce albashin ya riga ya ci, ba zai amayar ba. Layi ɗaya a cikin takarda ya isa ya kashe wutar tun ba ta kama ba: shin albashi da kason jari tabbatattu ne ko da riba ba ta kai ba, ko kuwa za a rage su gwargwadon abin da aka samu?

Maganar ruwa

Mai karatu Musulmi ba zai wuce kason jari ba tare da ya tsaya ba, domin a littattafan akantoci sunansa ruwa. Gaskiya ne ya bambanta da ruwan bashi, tunda ba rance aka yi ba. Amma malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa ba a yanka wa abokin tarayya wani adadi tabbatacce na riba, sai dai kaso daga abin da aka samu, kamar rabi ko sulusi. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin ƙasar Hausa ke bi, tarayyar dukiya tana tafiya ne a kan cewa riba da asara da aiki duk su bi gwargwadon jari. In kuwa ɗaya ne mai kuɗi, ɗayan mai aiki, wannan shi ne ƙirali: mai aiki yana da kaso sananne na riba, asarar kuɗi kuma tana kan mai kuɗi matuƙar babu sakaci.

Shi ya sa wasu 'yan kasuwa ke gina rabonsu gaba ɗaya a kan kaso, ba tare da yanka wa kowa adadi ba. Wane tsari ne ya halatta ga wace haɗaka, wannan tambaya ce da za a kai wa malami masanin mu'amala kafin a sa hannu. Ta fuskar haraji dai babu abin da ya sauya. Ko wane suna aka ba kason, za a tattara abin da ya zama na mutum, a haɗa da sauran samunsa, a cire rangwamen da ya cancanta, a hau matakalar nan.

Abin da hukuma ke dogara da shi wajen sanin kason kowa shi ne yarjejeniyar da aka gabatar mata, don haka duk lokacin da aka sauya albashi ko ma'aunin rabo, ko wani ya shigo ko ya fita, ya kamata a sanar da ita a rubuce. Masu haɗakar da har yanzu amana da baki kawai suka riƙe su zauna su rubuta abu huɗu: jarin kowa, albashin mai aiki, yadda za a raba ragowa, da abin da za a yi in riba ta gaza. Bayan nan kowa ya shirya nasa bayanin kuɗin shiga na shekarar da ta gabata, ya miƙa wa hukumar jiharsa kafin 31 ga Maris.